Hadda, kati ko maɓallin waya: wanne zai fisshe da tsohuwarka ranar da ta shiga matsala?

Bara waccan Inna ta taso daga Malumfashi za ta biki Kano, aka zare mata waya a tasha tun kafin ta gama sauke kayanta daga mota. Wani mai shayi ya tausaya mata, ya ba ta benci, ya ciro wayarsa ya ce, "Baba, faɗi lambar ɗanki in kira miki shi." Nan fa ake yinta. Mu shida ta haifa, kowa da waya, wasu ma biyu biyu, amma ko lambar mutum ɗaya babu a kanta. Abin da ta iya tunawa shi ne tawa tana farawa da sifili da takwas. Ta yi zaune a bencin nan daga azahar har bayan la'asar, sai da Allah ya kawo wani direban garinmu da ya gane ta.

Bayan wannan muka zauna a gida, kowa ya kawo tasa dabarar. Yayanmu ya ce a koya mata lambobin ta haddace, ai mai izu ashirin a ka ba za ta gaza riƙe lamba ba. Ƙanwarmu ta ce a rubuta a takarda a saka mata a jaka. Autanmu ya ce duk wahalar banza ce, a saita mata wayar ta danna maɓalli ɗaya kira ya tafi. Duka ukun mun gwada, kuma abin da na gano shi ne gardamar tamu ba ta da tushe, domin kowa wata matsala daban yake hangowa. Matsalar da tsoho kan shiga iri uku ce. Akwai wadda yana cikin hayyacinsa kuma wayarsa na hannunsa, kamar a ce jikinsa ya rikice da dare a gida. Akwai wadda yana cikin hayyacinsa amma babu wayar, an sace ko caji ya ƙare ko ta faɗa ruwa. Akwai kuma wadda shi kansa ba zai iya magana ba, sai dai wanda ya tsince shi ya nemi danginsa. Duk hanyar da za ka zaɓa, ka auna ta da waɗannan ukun.

Hadda

Na fara da ita ne don ita ce mutane suka fi yarda da ita, kuma ita ce ta fi ba mu wahala. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun huta, tasu 8 ce kawai, ta Gana kuma 10. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna yawan abin da mutum ke iya riƙewa a ji ɗaya: George Miller a 1956 ya ce wajen bakwai, Nelson Cowan kuma a 2001 ya ce in aka hana mutum dabarar haɗa abubuwa rukuni rukuni, abin bai wuce huɗu ba. Ko wanne ka ɗauka, 11 ta yi yawa a haɗiye ta lokaci guda. Shi ya sa ake karya ta gida uku: huɗu, uku, huɗu. Gidan farko, irin su 0803 ko 0802 ko 0805, tsoho ya sha jin sa a bakin mutane, kusan kalma ɗaya ce a kunnensa. Aikin gaske yana kan bakwai ɗin da suka rage.

Kuskuren da muka fara yi shi ne tsare Inna da yamma ɗaya muna ta maimaita mata lambobi uku, tana bi kamar ɗalibar allo. Kafin magariba ta iya su tsaf, muka yi ta murna. Washegari ta kawo farkon lambar Yaya ta jona da ƙarshen tawa. Ba laifin tsufa ba ne kaɗai. Lambobi masu kama da juna suna cin junansu a ka, kuma biyawa a bayan wani daban take da tunowa da kanka. Wanda yake bin bakin malami bai san ko ya haddace ba sai an kife allon.

Da muka sake shiri, sai muka ɗauki lamba ɗaya tak, muka ɗaura ta a kan lokutan salla, tunda su ne agogon da ba ya kuskure a gidan. Jikarta da ke kwana ɗakinta ita ce malama. Kwana biyun farko gidan farko da na tsakiya kawai aka yi. Bayan kowace salla yarinyar za ta ce, "Inna, kawo ta Kawu," ta yi shiru ta jira. In Inna ta kawo daidai, shi ke nan sai wata sallar. In ta cije, ba a barin ta ta yi ta laluben ƙarya, domin abin da baki ya furta ba daidai ba shi ma yana zama. Sai a faɗa mata daidai nan take, ta maimaita, a sake tambaya bayan 'yan mintoci. A rana ta uku aka ƙara gidan ƙarshe. Da ta yi kwana uku ba kuskure, aka rage zuwa asuba da isha, sannan sau ɗaya a rana, sannan kowace Juma'a. Tazarar nan da ake ƙarawa ita ce sirrin, irin dai yadda mahaddata ke yin tilawa don kada karatu ya zube. Abin ya ɗauke mu kusan mako uku.

Akwai wani tarko da ke cikin harshenmu kansa. Biyu da biyar farkonsu ɗaya. Bakwai da takwas suna da amo iri ɗaya a tsakiya. Ga tsohuwar da haƙoranta suka zube, tana magana a tasha mai hayaniya, mai sauraro zai iya jin biyar a inda ta ce biyu. Lambata tana ƙarewa da 2552, kuma nan ne muka fi shan wuya. Maganin da muka samu shi ne ta riƙa ɗaga yatsu tana faɗa, kuma ta saba cewa mai danna mata, "Karanto mini in ji." Kada kuma a koya wa tsoho lamba da ƙidaya irin ta kuɗi, a ce "ashirin da biyar, hamsin da biyu." Yana da daɗin riƙewa, amma in aka zo kan rukunin da ya fara da sifili, kamar 07, sifilin zai ɓace, mai dannawa ya samu alƙaluma goma kira ya ƙi tafiya. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amfanin hadda a fili yake: ba a sace ta, ba ta jiƙewa, ba ta bukatar caji ko ido. Ita kaɗai ce za ta yi aiki a ranar da aka raba mutum da wayarsa da duk abin da yake ɗauke da shi gaba ɗaya. Amma tana da rauni biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, firgici yana toshe tunani. Wanda ya taɓa mance lambar kansa a gaban ɗan sanda ya san haka, balle dattijuwar da aka yi wa sata ko ta ga hayaƙi a ɗakinta. Na biyu ya fi muni: cututtukan da suka fi kai tsoho ƙasa su ne masu taɓa kai da harshe. Shanyewar ɓarin jiki na iya ɗauke magana ko ta hargitsa ta, mutum ya san abin da yake son faɗa bakin ya ƙi. Mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi ƙasa yakan rikice har ya kasa faɗin sunan unguwarsu. Wato a matsala ta uku, wadda ta fi haɗari, hadda ba ta da wani amfani. Don haka ni a ganina kada a ɗora wa tsoho fiye da lamba ɗaya ta mutum, sai 112 a kai. In kuma an yi wata guda ana wannan tilawar lamba ɗaya ta ƙi zama, ga shi yana mance inda ya ajiye kuɗi ko yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, to a daina takura masa, a kai shi likita ya duba ko ciwon mantuwa ne ya fara.

Maɓalli ɗaya a waya

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce Inna take amfani da ita kullum. A ƙananan wayoyi masu maɓalli, irin su Nokia da itel da Tecno, akwai abin da aka rubuta Speed dial, a wasu yana cikin Contacts, a wasu cikin Call settings. Kana ɗaura lamba a kan maɓalli, in aka danne shi na ɗan lokaci sai kira ya tafi. Maɓallin 1 yawanci an keɓe shi don saƙon murya, saboda haka daga 2 zuwa 9 ne naka. A wasu wayoyin sai ka kunna tsarin tukuna, in ba haka ba za ka ɗaura lambobin amma danna maɓallin ba zai yi komai ba. Mu haka ta faru da mu, muka bar gida muna ganin mun gama aiki.

Wanda ya fi muhimmanci a saka shi a 5. Dalili kuwa, maɓallin 5 yana tsakiya, kuma a yawancin wayoyi yana da ɗan tudu da yatsa ke ji, an yi shi ne don masu lalube a duhu da marasa gani. Ga mai yanar ido, ko a daren da babu wuta, wannan tudun ya fi kowane rubutu. Mun ƙara da ɗiga jan farce a kan 2 da 8, na sama da na ƙasan 5, ya zama mutum uku ke nan a jere. Fiye da uku rikici ne.

Inda take ba da kunya kuwa yana da yawa, kuma duk ƙananan abubuwa ne. Waya mai layi biyu takan tsaya ta tambayi da wane layi za a kira, tsohuwa ta kara a kunne tana jiran ƙara alhali kiran bai fita ba. A saita layi ɗaya ya zama na kira, ko a cire ɗayan. Makullin maɓallai da ke rufe kansa yana bukatar danna biyu a jere kafin ya buɗe, abin da hannu mai rawa ba ya iyawa da sauri. Jikoki suna ɗaukar wayar su yi wasa su sauya komai. In an canza waya, ko mai gyara ya goge ta, lambobin da ke kan layi za su iya dawowa amma ɗaurin maɓallan ba zai dawo ba, sai an sake. Sai babbar matsala, kuɗin kira. Wayar da ba ta da ko kwabo ba za ta kira ɗa ba komai kyawun saitinta. Tun 2023 kamfanonin waya na Najeriya suka koma lambobin aiki iri ɗaya, don haka ko wane layi ne, `*310#` zai nuna abin da ya rage, `*303#` kuma na rancen kuɗin kira ne. Amma kada ka sa ran tsohuwa za ta bi matakan rance tana cikin ciwo. Wani daga cikin 'ya'ya ya ɗauki nauyin dubawa duk mako, ya kuma tabbata layin yana haɗe da lambar katin ɗan ƙasa ta mai shi, don kada a wayi gari an rufe.

In babbar waya ce mai shafawa, akwai wurin da ake saka sunayen waɗanda za a kira a kan fuskar da ke kulle, ƙarƙashin Emergency, wanda baƙo zai iya buɗewa ba tare da sanin lambar sirri ba. Abu ne mai kyau, a cika shi. Sai dai mutum nawa ne a bakin titi suka san su duba wurin? Kuma babbar waya ita ce ɓarawo ya fi so, ita ce kuma cajinta ke saurin ƙarewa. Ga tsohon da bai saba da ita ba, ni ƙaramar na fi yarda da ita, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki.

Hukuncin wannan hanya gajere ne. A matsala ta farko babu kamarta. A ta biyu, ranar da wayar ta tafi, ta tafi da komai, kuma dogaro da waya ne ma ya jefa mu a halin da muka shiga, domin sauƙinta ne ya hana kowa riƙe lamba.

Rubutu

A nan zan daɗe, don nan ne ake ganin abu mai sauƙi ne a kuma ɓata shi. Takardar farko da ƙanwarmu ta yi, ta yago ta ne daga littafin makaranta, ta rubuta lambobi goma sha biyu da shuɗin biro, ta ninke huɗu ta cusa a jakar Inna. Bayan wata biyu na buɗe na tarar ta haɗu da goro da man zafi, wurin ninkin ya cinye alƙaluma biyu na lambar Yaya. Ko da ma lafiyarta ƙalau, wanda ya tsinci mai lambobi goma sha biyu wa zai fara kira?

Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, wa zai karanta? Amsar ita ke raba rubutun gida biyu. Akwai wanda tsohuwar za ta karanta da kanta, akwai wanda baƙo zai karanta a madadinta, kuma ba a yin su iri ɗaya.

Na baƙo shi ne katin aljihu. Girmansa kamar katin zaɓe, a kan takarda mai kauri, da baƙin rubutu manya a kan fari, da boko, domin wanda zai tsaya a kanta zai iya zama ɗan acaɓa ko nas ko jami'in kiyaye haɗura wanda ba ya jin Hausa ma. A gaba: sunanta, garinsu da unguwa, sai lambobi uku, kowace da sunan mai ita da dangantakarsu, an jera su yadda ake so a kira. A baya: ciwon da take da shi da maganin da take sha, misali hawan jini ko sukari, da maganin da jikinta ba ya karɓa in akwai. Layukan nan biyu na baya za su iya sauya abin da za a fara yi mata a asibiti kafin kowa ya iso. A kai wa masu fotokwafi su rufe shi da leda, a yi guda uku.

Rubuta sunaye yana da wani amfani da ya shafe mu musamman. Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan farinta ne, tana yi masa alkunya. Ko a tashar nan da aka tambaye ta sunan babban ɗanta, cewa ta yi "mai sunan Malam." A wayarta ma da lakabi aka ajiye kowa: Babangida, Auta, Uwani. Baƙon da ya buɗe wayar ba zai san wane ne ɗa wane ne mai kai mata itace ba. Kati yana faɗin abin da bakinta ba zai faɗa ba.

Inda za a ajiye shi ya fi yadda aka rubuta shi muhimmanci. In yana cikin jaka ɗaya da waya, ɓarawo ɗaya zai kwashe su. Wata gwaggonmu ta kawo shawarar a kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata ta rataya. Ba zai jiƙe ba kam, amma wa zai farke layar tsohuwa don neman lambar waya? Duk wanda ya gani zai ɗauka tsari ne ya kauce. Abin da ya yi mana aiki shi ne ƴar jakar roba mai haske irin ta katin shaidar ma'aikata, da igiya a wuya ƙarƙashin hijabi in za ta yi tafiya, ɗaya kuma a lalitar da take ɗaurawa a ƙugu. Ga dattijo namiji, aljihun gaba na riga ya fi, tunda nan ake fara dubawa. Matsalarsa ita ce canza riga, don haka a haɗa shi da abin da ba ya fita sai da shi, kamar carbi ko makullin shago.

Akwai abin da ba a rubutawa ko kusa: lambar sirrin katin banki, lambar asusu, BVN, da aikin da 'ya'ya suke yi. Katin da ya ce "ɗanta, manajan banki a Abuja" gayyata ce ga 'yan damfara, kuma a hanyoyin da ake fama da masu garkuwa da mutane ya fi haka haɗari. Ko da an kiyaye, wanda ya tsinci katin zai iya bugowa ya ce, "Mahaifiyarku ta yi haɗari, turo kuɗin jini." Mun yi yarjejeniya a gidanmu cewa duk wanda ya samu irin wannan kira zai ce a ba shi ita ko ma'aikacin asibitin, ya kuma kira maƙwabcinta ya tabbatar ba ta gida, kafin ya tura ko sisi. Wannan shi ne kuɗin da ake biya a kan kati, kuma ni na ga ya fi sauƙi a kan a kwantar da ita a wani asibiti kwana biyu ba wanda ya san ko 'yar wace ce.

Na bango shi ne wanda za ta karanta da kanta, ko yaron gida ya karanta. Kwali babba, baƙar maka, kowane alƙalami ya kai tsawon gaɓar yatsa biyu, an raba huɗu, uku, huɗu da fili mai yawa a tsakani. A manna shi daidai idon wanda ke zaune a bakin gado, ba can sama kusa da kalanda ba. Inna ba ta yi boko ba, ajami take karantawa, don haka sunayen da ajami muka rubuta, muka liƙa ƙaramin hoton kowa a gefe.

Alƙaluman kuwa, a nan muka yi kuskuren da nake so kowa ya kauce masa. Wani malamin unguwa ya rubuta mata su da alƙaluman Larabci, da kyakkyawar niyya, tunda su ta fi sani. Amma maɓallan wayarta na boko ne, kuma nau'ikan biyu suna yaudarar juna. Biyar ta Larabci da'ira ce, sak sifilin boko. Shida ta Larabci kamar bakwai ɗin boko take. Sifilin Larabci ɗigo ne kawai, wanda mai raunin ido zai tsallake, ko ya ɗauka kashin ƙuda ne a kwali. Bakwai da takwas na Larabci kuma siffa ɗaya ce, ɗaya ta buɗe sama ɗaya ta kife. Ga kuma hanya: mai ajami idonsa ya saba farawa daga dama, alhali lamba daga hagu ake bin ta, sai ya ɗauko gidan ƙarshe ya fara da shi. Abin da ya dace shi ne a rubuta alƙaluman da siffar da ke kan maɓallin, ta yadda ko ba ta san sunansu ba za ta iya daidaita hoto da hoto, a kuma sa babban jan ɗigo a hagu a ce mata daga nan ake tashi.

Wani abin da na lura da shi: tsohon da bai yi boko ba amma ya yi kasuwanci ya san 0 da 1 da 2 da 5 sarai, domin su kaɗai ne ke cikin darajar takardun naira, daga 5 har 1000. Waɗanda ke ba shi wuya su ne 3 da 4 da 6 da 7 da 8 da 9, musamman 6 da 9. In kana koyarwa, kan waɗannan za ka ɓata lokacinka.

Raunin rubutu shi ne tsufa. Ba takardar kaɗai ba, lambobin ma. Mutum ya canza layi, ko ya bar shi ba amfani har kamfani ya ba wani, kati yana nan yana nuna lambar da baƙo ke ɗauka. Muna sabunta namu duk ƙaramar salla, lokacin da kowa ya zo gida, a kira kowace lamba da ke jiki a ji ta shiga. In kuma tafiya Hajji ko Umara ta taso, ko ziyara Nijar, a yi wani katin daban da lambobin suka fara da +234 aka cire sifilin farko, in ba haka ba wanda ke can ba zai same ku ba.

Lambar wa?

Wannan ya fi zaɓen hanya tayar da ƙura. Bisa al'ada babban ɗa ake sa wa a gaba, kuma Yaya ya so haka. Amma yana Fatakwal, yana aikin da ake kashe waya, kuma ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Ka tuna, ranar da za a kira daga kati ko daga hadda, baƙuwar lamba ce za ta shigo. Wanda ya cancanci wuri na farko shi ne mai ɗaukar kowane kira ko ƙarfe biyun dare ne, wanda bai canza layi ba shekara da shekaru, kuma zai iya sa a isa wurinta cikin rabin awa. A kan maɓallin 5 mun sa maƙwabcinta mai Keke Napep, bayan mun nemi izininsa, domin shi ne zai iya kai ta asibiti kafin ni in fito daga Kaduna. Tawa ce ta hadda, don na fi kowa daɗewa da layi ɗaya. Mun kuma tabbata lambobi ukun da ke kati ba na kamfani ɗaya ba ne, saboda ranar da sabis ɗin wani ya ɗauke. A tambayi mai layin, kada a dogara da farkon lambar, domin tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da tsohuwar lamba.

Sai lambobin hukuma. 112 ita ce ta gaggawa a Najeriya, kyauta ce, tana tafiya ko babu kuɗi a waya, kuma ana iya danna ta ko wayar na kulle. Cibiyar da ta ɗauka ita ke miƙa kiran ga 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. 122 ta hukumar kiyaye haɗura ce, kuma kusancinta da 112 ya sa ban koya wa Inna ita ba, ɗaya ta ishe ta. A Nijar 17 ce ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana. A koya wa tsoho abin da zai fara faɗa in an ɗauka: gari, unguwa, da wata alama kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare, kafin bayanin abin da ya faru. Amma a garin da motar asibiti ke da nisa, maƙwabci zai riga kowace hukuma isowa, shi ya sa 112 take ƙasan kwalinmu ba samansa ba.

To in mutum ya zo hutun kwana biyu ne kawai, wanne zai yi? Kati. Awa ɗaya ya isa, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, kuma shi kaɗai ne ke aiki a matsala ta biyu da ta uku duka. Maɓallin waya ya biyo baya a ranar, tunda minti goma ne. Hadda a bar wa wanda ke kwana gidan, don tana son makonni. Wannan jerin yana juyawa a wuri biyu: in tsohon ba ya gani sosai, kwalin bango ba shi da amfani gare shi, sai a ƙarfafa tudun 5 da hadda, in kuma mantuwa ta fara, a bar hadda gaba ɗaya, a ɗinka lambar a cikin wuyan rigunansa, domin katin ma zai iya cirewa ya ajiye.

Ko wanne aka yi, a gwada shi kamar gaske. Ni na karɓe wayar Inna na sa a aljihu, na kira yaron maƙwabta da bai san lambata ba, na ce ta sa shi ya kira ni. Ta kawo goma daidai, ta tsaya a kan na ƙarshe, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, biyu ce ko biyar?" Na yi shiru. Ta laluba ƙugunta ta ciro katin ta miƙa wa yaron, ta ce, "Duba nan, na biyun." Wayata ta yi ƙara a aljihuna.